“Farashin kayayyaki sun tashi” ko “ya tashi”?

*Assalamu alaikum Malam. A gwajin nahawun Hausa da aka yi mana an ce mu cike gurbi a wannan jimla: “Farashin kayayyakin da 'yan kasuwa suke kawowa daga ƙauyuka ____ tashi.” Zaɓin su ne ya, ta, sun, suka. Na zaɓi “sun”, aka soke min, aka ce “ya” ne daidai. Ni Bahaushiya ce gaba da baya, kuma wallahi “sun tashi” ya fi zauna min a kunne. Ina kuskuren yake?*

Wa alaikumus salam, 'yata. Wanda ya duba takardarki ya yi daidai, amsar ita ce “ya”. Amma kada ki ɗauka Hausarki ce ta samu tangarɗa. Da za a karanta jimlar nan da “sun” a tsakar gida ko a rumfar kasuwa, ba na jin akwai wanda zai ɗaga kai ya ce an yi kuskure. Wanda ya shirya tambayar ya san haka sarai, kuma da gangan ya jera kalmomin yadda kunne zai ja ki zuwa “sun”.

A Hausa aikatau kansa ba ya sauya kama saboda mai aikin. “Tashi” yana nan a “tashi”, ko mutum ɗaya ne ya yi, ko mutum ɗari. Abin da yake sauyawa shi ne 'yar kalmar da take gabansa, wadda muke kira zagin aikatau, wasu malamai kuma su ce lamirin suna: yaro ya tashi, yarinya ta tashi, yara sun tashi. Wannan zagi dole ya jitu da aikau, mai aikin kenan, ta fuska biyu, wato jinsi da adadi. In aikau tilo ne namiji, “ya”. In tilo ne mace, “ta”. In jam'i ne, batun jinsi ya faɗi, sai “sun” kawai. Wannan duk kin san shi tun aji ɗaya na sakandare. Inda ake samun matsala shi ne idan aikau ya zama dogon yanki mai sunaye uku ko huɗu a cikinsa. A nan sai an tantance wanne ne daga cikinsu yake da iko da zagin.

Yankin sunan da aka ba ki yana da sunaye huɗu: farashi, kayayyaki, 'yan kasuwa, ƙauyuka. Guda ɗaya ne kai, sauran ukun bayani suke yi a kansa ko a kan junansu. “Kayayyakin” ya zo ne don ya gaya mana farashin mene ne ake magana. “Da 'yan kasuwa suke kawowa daga ƙauyuka” ganga ce dogarau, ta zo don ta gaya mana waɗanne kayayyaki ne. Ko ɗaya daga cikinsu ba shi ne abin da jimlar take ba da labarinsa ba. Labarin farashi ake bayarwa, shi ne kai, shi ne tilo namiji, don haka shi ne mai “ya”.

Hanyar da nake koya wa ɗalibaina ita ce a tuɓe jimlar a hankali har sai ƙashinta ya fito. Ki fara cire gangar da ta soma da “da”, tun daga “da 'yan kasuwa” har zuwa “ƙauyuka”. Abin da ya rage shi ne “Farashin kayayyakin ____ tashi.” Sai ki cire sunan da yake bayan mahaɗi, wato wannan “-n” da ta liƙa farashi da kayayyaki. Yanzu saura “Farashi ____ tashi.” Ki faɗa da bakinki: farashi sun tashi, farashi ya tashi. Na tabbata ba sai wani malami ya gaya miki wanne ne Hausa ba. Kunnenki da ya ruɗe ki a doguwar jimla shi ne dai zai yanke miki hukunci daidai a gajeriya. Shi ya sa ba na ce wa ɗalibi ya daina sauraron kunnensa. Cewa nake ya rage masa kaya tukuna.

Akwai dalilai sanannu da suka sa “sun” ta yi miki daɗi. Tsakanin “farashin” da gurbin akwai kalmomi takwas, kuma duk wani suna da ke cikinsu jam'i ne. Ga kayayyaki, ga 'yan kasuwa, ga ƙauyuka, ga kuma “suke” a tsakiya tana ƙara buga tambarin jam'i. Kafin mai karatu ya iso gurbin, “farashi” ya yi nisa a ƙwaƙwalwarsa, abin da yake amo a kunnensa jam'i ne kan jam'i. Harshe kuwa ya saba da cewa sunan da yake dab da zagi shi ne mai shi, domin a mafi yawan maganarmu ta yau da kullum haka abin yake.

Dalili na biyu ya fi wannan ƙarfi, kuma shi ne ya sa wannan kuskure ya yi jijiya har a bakin masu karanta labarai. “Kayayyaki sun tashi” cikakkiyar Hausa ce mai kyau. Uwa za ta dawo daga kasuwar Dawanau ko ta Singa ta ce kaya sun tashi, kowa ya gane tsada take nufi. To idan mutum ya fara da “farashin kayayyaki”, sai tsohuwar jimlar nan da ya saba da ita ta karɓe linzami a tsakiyar hanya, ya ƙarasa da “sun tashi”. Jimloli biyu ne masu kyau aka haɗe kan ɗaya da wutsiyar ɗaya. Kuma tunda ma'anar ba ta ɓaci ba, babu mai tsayar da shi ya gyara masa.

Ki gwada wannan ginin a inda ma'ana za ta ɓaci, nan take za ki ga dokar tana da dalili. “Motar malaman da suka zo taro sun lalace.” Wa ya lalace? Ginin jimlar daidai yake da na tambayarki, kai tilo, sai jam'i a bayansa, sai ganga dogarau. Amma da kika sa “sun”, kin bar mota lafiya kalau kin ɗora lalacewa a kan malamai. Abin da ake nufi shi ne motar ta lalace. Ga wanda ya fi wannan nauyi: “Mahaifiyar yaran da suka yi hatsari ta rasu.” Idan wani ya kawo wannan saƙo ya ce “sun rasu”, wanda ya ji zai tafi yana cewa yaran ne suka mutu. A Hausa sau da yawa zagin nan shi kaɗai ne yake nuna wanda abu ya faru da shi, don haka nake ɗaukar wannan darasi da muhimmanci, ko da a jimlar farashi kuskuren bai cuci kowa ba.

Wani abu da zai sauƙaƙa miki shi ne ki riƙa ba kowane zagi mai shi. A jimlarki zagi biyu ne. “Suke” na 'yan kasuwa ne, su ne masu kawowa, kuma aikinsu ya ƙare a cikin gangarsu. Gurbin da aka bari na babbar jimla ne. Da zarar 'yan kasuwa sun karɓi nasu, ba su da hakki a na biyun. Ƙauyuka kuwa suna bayan “daga”, sunan da ya biyo bayan irin waɗannan kalmomi, daga, cikin, kan, zuwa, wuri yake nunawa, ba ya zama aikau. Saura farashi da kayayyaki, kuma a ginin mallaka na Hausa abin da aka mallaka shi yake zuwa farko, shi ne kuma kai. Gidan sarakuna ya rushe. Rigar yara ta yage. Birnin Kano ya cika, alhali Kano ita kaɗai mace ce, sai mu ce Kano ta cika. Ko sarƙar ta yi tsawo, kamar “ƙofar gidan ƙanin mijin Binta”, zoben farko ne mai iko: ƙofar ce ta karye.

Idan kina shakka, ga wani gwajin. Ki sauya sunan farko ki ga ko zagi zai motsa, sannan ki sauya na biyu ki gani. “Darajar kayayyakin ta ƙaru.” Da aka sa daraja a gurbin farashi, “ya” ta koma “ta”. Amma farashin gero ya tashi, farashin shinkafa ya tashi, farashin kayayyaki ya tashi. Gero namiji, shinkafa mace, kayayyaki jam'i, zagi bai gusa ba. Sunan da zagi yake bi idan an sauya shi, shi ne kai. Ki lura da na tsakiyar nan, domin kuskuren yana zuwa ta fuskar jinsi kamar yadda yake zuwa ta fuskar adadi. Sau da dama nakan tarar da “farashin shinkafa ta tashi” ko “sakamakon jarrabawa ta fito” a takardun ɗalibai. Ciwon ɗaya ne, sunan da ke kusa ya ƙwace zagin na nesa.

Sauran zaɓin biyu ba sa buƙatar dogon bayani. “Ta” ba ta da mai ita, domin babu tilo mace da zai zama kai a yankin. “Suka” kuwa kuskure biyu ne a haɗe: jam'i ce, sannan siga ce da take zuwa bayan “da”, ko bayan dirka, wato “ne” ko “ce”, ko a jerin labari, kamar “kayayyakin ne suka tashi”. A miƙaƙƙiyar jimla irin wannan ba ta da wurin zama.

Yanzu bari in gaya miki inda dokar “sunan farko ne kai” take da iyaka, domin idan kika riƙe ta da ƙarfi fiye da kima za ta kayar da ke a wata tambayar. Akwai kalmomin da suke zuwa farko da mahaɗi a jikinsu amma aikinsu auna yawa ne kawai: yawancin, akasarin, galibin, dukkan. “Yawancin manoma sun sayar da amfaninsu.” A nan “sun” ce daidai, domin manoma ne suka sayar, “yawancin” ta gaya mana ko su nawa ne. Amma ki dubi 'yar'uwarta da take kama da ita: “Yawan manoma ya ƙaru.” Abin da ya ƙaru shi ne yawan, manoman ba su yi ƙiba ba. Haka “adadin waɗanda suka rasu ya kai goma”. Tuɓe jimla zai raba miki su. “Yawa ya ƙaru” magana ce. “Adadi ya kai goma” magana ce. “Yawanci ya sayar da amfaninsa” ba abin da ake nufi ba ne. Tambayar da za ki riƙa yi wa kanki kenan: aikin nan, wa ya yi shi, ko wa ya sama?

Sai “ɗaya daga cikin”, wadda masu shirya jarrabawa suke ƙauna ƙwarai. “Ɗaya daga cikin malaman da suka koyar da mu ya yi ritaya.” Malamai da yawa suka koyar, shi ya sa “suka”. Mutum ɗaya ya yi ritaya, shi ya sa “ya”, in mace ce kuma “ta”. Wanda ya rubuta “sun yi ritaya” ya sallami malaman gaba ɗaya.

Kalmar “da” ma tana da nata tarkon, saboda aiki biyu take yi. Wani lokaci tana buɗe ganga dogarau, kamar a jimlarki, wani lokaci tana haɗa suna da suna. Idan ta haɗa kai biyu, aikau ya zama jam'i: Audu da Binta sun zo. Amma sai kin duba me ta haɗa. “Farashin shinkafa da masara ya tashi”: farashi ɗaya aka ambata, shinkafa da masara duk suna ƙarƙashinsa. “Farashin shinkafa da na masara sun tashi”: wannan 'yar “na” tana wakiltar farashi na biyu, kai ya zama biyu, “sun” ta halatta. Harafi biyu kacal suka raba jimlolin nan.

Inda ni kaina nake sassautawa shi ne sunayen da suke tilo a siga amma taron mutane ne a ma'ana. Jama'a ta taru, jama'a sun taru, duka biyun Hausa ce, kuma ban taɓa soke wa ɗalibi ko ɗaya ba. Haka kuɗi da kaya, za ki ji “kuɗin ya ƙare”, ki ji “kuɗin sun ƙare”, daga bakin Hausawan da ba a gyara musu magana. Amma idan aka zo kan hukumomi da ƙungiyoyi, rubutacciyar Hausa ta tsaya a kan kai: majalisar dattawa ta amince, rundunar 'yan sanda ta ce, ƙungiyar malaman jami'o'i ta janye yajin aiki. A hira mutum zai ce “sun janye” yana nufin malaman, ba laifi. A takarda ki bi ƙungiyar. Akwai kuma “sun” ta girmamawa, inda almajiri zai ce “Malam sun fita” alhali mutum ɗaya yake nufi. Wannan ladabi ne da aka yi da niyya. Ki lura duk waɗannan rangwame suna da dalili a cikin shi kan nasa: ko dai taro ne, ko mutum ne da ake girmamawa. Farashi ba taro ba ne, ba kuma dattijo ba ne. Ba shi da wata ƙofa da jam'i zai shigo masa sai ta maƙwabtaka da kayayyaki, maƙwabtaka kuwa ba ta ba da iko da zagi.

Wani ɗan gargaɗi game da gane jinsin kai, bayan kin same shi. Ɗalibai sukan dogara da mahaɗi, su ce “-r” mace, “-n” namiji. Rabin wannan gaskiya ne. In kin ga “-r”, mace ce tilo ba shakka. Amma “-n” tana zuwa a jikin namiji, tana zuwa a jikin jam'i, tana kuma zuwa a jikin sunan mace da bai ƙare da wasalin “a” ba. Gwamnati mace ce, amma “gwamnatin tarayya” muke cewa, sannan mu ce “ta sanar”. Dirka ta fi aminci: gwamnati ce, farashi ne. A ɗaya ɓangaren kuma ba duk mai ƙarewa da “a” ne mace ba, ga gida, ga suna, ga nama. Wannan ya fi wahalar da waɗanda suka taso a inda karin harshensu bai cika rarrabe jinsin abubuwa marasa rai ba, kamar wasu sassan ƙasar Zazzau da Bauchi, da zangunan Kumasi da Ankara a Gana. Hausarsu Hausa ce, sai dai jarrabawa da daidaitacciyar Hausa ake yin ta, wadda aka gina galibi a kan Kananci, ita kuwa tana rarrabewa.

Idan kika tsayar da zagin farko, ki tabbata sauran jimlar ta bi shi har ƙarshe, a kowane lokaci aka juya ta. Farashin kayayyakin bai sauka ba, zai ƙara tashi, yana neman ya gagari talaka. Nakan ga ɗalibi ya dace da “ya” a farko, bayan waƙafi kuma ya zame ya koma “suna”. Za ki kuma ga marubuta da yawa suna rubuta “farashin kayayyaki na tashi” ko “farashin kayayyaki ne ke tashi”. Wannan daidai ne, domin a lokaci mai ci ana iya yar da “ya” ko “su” a bar “na” ko “ke” idan aikau suna ne bayyananne. Sai dai wannan siga ba ta nuna jinsi ko adadi, shi ya sa mutum zai shekara yana rubuta ta bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa wane ne kai ba. Ranar da jimla ta faɗa shuɗaɗɗen lokaci, inda babu maɓoya, ranar kuskuren yake fitowa.

Ga guda biyu ki gwada da kanki kafin gwaji na gaba. “Ƙarar injinan da suke niƙa a bayan gidajenmu ____ hana mu barci.” Cire gangar “da”, cire abin da ke bayan mahaɗi, sai ki ga ƙara ce ta rage, ga “-r” a jikinta, don haka “ta hana”. Ta biyun ta fi wayo: “Ɗaliban makarantar da gwamnati ta gina bara ____ fara karatu.” A nan an juya tarkon. Sunayen da ke kusa duk tilo ne mata, ga “ta gina” tana jan kunne zuwa “ta fara”, kuma “makaranta ta fara karatu” magana ce da ake yi. Amma “ta gina” ta gwamnati ce, makaranta tana bayan mahaɗi, kan yankin ɗalibai ne, don haka wannan karon “sun” ɗinki ce daidai: ɗaliban sun fara karatu.